Naira 100,000 zuwa 160,000: nawa ne naka a ciki?

"Maigida, wani kamfanin sola a Kaduna na neman mai haɗa inbata, sun rubuta albashi naira 100,000 zuwa 160,000 a wata. In sun kira ni, in ce 160,000 ɗin nake so?"

A'a, Sani, kada ka faɗi haka. Kuɗin nan biyu ba na mutum ɗaya ba ne. Na ƙasan na wanda ya cika sharuɗɗa da ƙyar ne, wanda sai an haɗa shi da wani babba kafin a tura shi gidan mutane. Na saman kuwa na wanda za a miƙa wa makullin mota da yara biyu ne, ya je ya auna lodin wutar gida, ya zaɓi kaurin waya, ya gama aiki ba a sake kiransa gyara ba. Kamfani ba ya son ɗaukar sabon mutum a kan na saman, don in ya yi haka ba shi da abin da zai ƙara masa baɗi.

To kai ina ka tsaya? Wayarin ɗinka tsaf yake, kana haɗa inbata da batir kai kaɗai, kuma kana da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daraja ta biyu. Amma lissafin lodi har yanzu sai na duba maka. Wurinka tsakiya ne, wajen 130,000. Ka nemi 140,000, ka bar musu wurin ragi. Kuma kada ka faɗi kuɗin tsurarsa. Ciro wayarka ka nuna musu hoton aikin da ka yi a Samaru, su ga yadda ka jera wayoyin cikin bututu, ka ce: "Ranka ya daɗe, wannan ni na yi shi daga farko har ƙarshe, shi ya sa na ce 140,000."

Kafin ka amsa komai, tambaye su ko kuɗin da suka rubuta shi ne zai shigo hannunka. Galibi jimilla ce, an cusa alawus ɗin gida da na mota a ciki. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10 daga aljihunsa. In duka 130,000 aka lissafa, 10,400 ta tafi ke nan, ga haraji, ga hayar ɗaki a Kaduna, tunda ba za ka riƙa hawa mota daga Kwangilar Zariya kullum ba.

In suka kafe a kan 110,000 suna cewa sai sun ga hannunka, ba laifi, amma a rubuta a takardar ɗaukar aiki cewa bayan wata uku na gwaji za a koma 130,000. Alkawarin baki, da an canja manaja ya bi ruwa. In kuwa suka ambaci 90,000, ƙasa da abin da suka buga da kansu, ka yi musu godiya ka dawo shago.