Nawa ne cinikin waina a unguwarku? Ga yadda ake ƙirga shi

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so in fara waina da miya da safe a ƙofar gidanmu, nan wata unguwa a Kano. Akwai masu yi mutum uku a kusa. Ta yaya zan san ko akwai kasuwar da za ta ɗauke ni kafin in zuba ɗan jarina?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada ki fara da yawan mutanen Kano. Ƙidayar da aka yi ta ƙarshe a Najeriya tun 2006 ce, kuma ko da sabuwa ce, mutumin Kurna ba zai zo Hotoro sayen wainar safe ba. Kasuwarki ita ce iya nisan da uwa za ta yarda ta aiki yaro da kwano ya je ya dawo kafin lokacin makaranta, wato tafiyar minti goma ko ƙasa da haka. Babban titi yana yanke ta, domin ba a son yaro ya tsallaka, haka ma kwalbati ko lungun da ruwa ke kwanciya da damina. Ki zana iyakar a takarda, layi-layi.

Duk lambobin da zan kawo misali ne don ki ga yadda lissafin ke tafiya. Naki ki ƙirga da ƙafarki.

A ce cikin iyakar akwai layi 12, kowane layi ƙofa 30, ƙofa 360 ke nan. Amma ƙofa ba ita ce mai saye ba. Gidan haya ƙofarsa ɗaya, a ciki kuwa iyali biyar ne, kowa da tukunyarsa da aljihunsa. Tukunya ake ƙirgawa. Ki ɗauki layi biyu, ki tambayi wata dattijuwa da ta san kowa ta lissafa miki su gida-gida, sai ki auna sauran layukan da su. Mu ƙaddara kin samu tukunya 500.

Daga nan ki shiga gida 30, a layuka daban-daban, ba gidajen dangi da ƙawaye kaɗai ba. A nan mutane suka fi yin kuskure, wajen irin tambayar. In kika ce "idan na fara waina za ku saya?" kowa zai ce miki sosai ma, Allah ya sa albarka, saboda kara. Wannan amsa ba ta da amfani a lissafi. Ki tambayi abin da ya riga ya faru: satin da ya wuce sau nawa aka sayo abin kari daga waje, me aka sayo, na nawa, wajen wa? Za ki ji wasu koko da ƙosai suke saye, wasu shayi da burodi, wasu ɗumamen tuwo ne abinsu kullum. Waɗannan ba naki ba ne tukuna. In gida 12 cikin 30 suka ce sun sayi waina, kashi 40 cikin 100 ke nan, wato tukunya 200 cikin 500 ɗin nan. In kowace tana saye sau biyu a sati, na naira 1,000, an samu saye 400 a sati, naira 400,000. Raba bakwai, kusan naira 57,000 a rana.

Kada ki tsaya a nan, domin wannan maganar baki ce. Sai an gwada ta da abin da ke fita daga tanda.

Masu wainar nan uku su ne ma'auninki na gaskiya. Hanya mafi sauƙi ita ce sanin kwano nawa na shinkafa kowace ke jiƙawa; mai injin markaɗe na unguwa ya san wannan sarai, tunda wajensa ake kai ƙullun. Ke kuma ki jiƙa kwano ɗaya a gida, ki soya daidai girman tasu, ki ƙirga nawa ya fitar. Kada ki ari lambar wata, domin kwanon awo ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, zurfin gurbin tanda ma haka, ga kuma yadda ƙullu ya tashi. A ce kwano ya ba ki waina 80, ana sayar da ɗaya naira 100. In su ukun a haɗe suna jiƙa kwano biyar, waina 400 ke nan, naira 40,000 a rana.

Yanzu kina da lamba biyu da ba su daidaita ba: 57,000 daga bakin mutane, 40,000 daga tanda. Ratar 17,000 ɗin nan ita ce abin bincike. Ko dai matan da kika tambaya sun ɗan ƙara gishiri a amsarsu, ko maigida yana sayowa a hanya daga wata unguwa, ko kuwa wainar na ƙarewa mutane ba su samu ba. Ana gane wanne ne ta hanyar zama. Ki samu inda za ki hango tandar daga shida da rabi zuwa tara da rabi, kwana uku, har da Asabar ko Lahadi. Ki kalli abu biyu: ƙarfe nawa ake kankare ƙasan robar ƙullu, da yara nawa ke juyawa da kwano ba komai. In ƙarfe takwas an wanke roba kuma ana ta zuwa ana komawa, akwai wurinki a sarari. In kuwa har hantsi waina na jibge a kula tana sanyi, mai yi tana ƙara gyara don ta rabu da ita, to kasuwar ta cika, duk abin da za ki samu daga hannun wata za ki ƙwace shi. Har sai kin ga masu komawa da idonki, yi aiki da ƙaramar lambar.

Rabonki a cikin 40,000 ɗin fa? Ke ce ta huɗu, raba daidai ya ba ki 10,000. Amma ba a raba daidai, domin mai saye ya saba da miyar wata, wani ma bashi ake ba shi can. Ki fara da kwano ɗaya, cinikin naira 8,000, kuma kada ki yi mamaki in satin farko ya yi ragowa. Ranar da ya ƙare kafin takwas kwana uku a jere, ki ƙara rabin kwano.

Akwai kuma iyakar da tanda ke sa miki. Mai gurbi 12, in kowane zubi na cin minti shida da juyawa, waina 120 take fitarwa a awa. Cinkoson safe kuwa bai fi awa guda ba, kafin yara su wuce makaranta. Ko unguwar duka ta zo, abin da za ki iya ba su a wannan awar na naira 12,000 ne, sai dai ki fara suya tun asuba ki tara a kula, ko ki kunna tanda ta biyu da mai taimako.

In ƙofarki na kallon hanyar da masu adaidaita sahu ko leburori ke bi, ki ƙirga su daban. Su a nan suke ci, da miya da yawa, kuma ranar da aikin gini ya ƙare sun tafi.

Wajen mayar da lissafin rana zuwa na wata, kada ki ninka da 30. Ki yi da 26, saboda ranar ruwan safe, ranar biki ko rashin lafiya. Ki cire watan azumi daga lissafin safe gaba ɗaya, cinikinsa na yamma ne kuma ƙirgarsa daban. Kwana 26 a kan 8,000 ya ba ki naira 208,000 a wata, kuma ciniki ne, ba riba ba. Sai kin fitar da shinkafa, mai, yis, sukari, kuɗin markaɗe, gawayi ko itace, leda da kayan miya. Miyar ce ta fi ɓoye asara, tunda ba a sa mata farashi amma kowa na cewa a ƙara, don haka ki rubuta kuɗinta a layinta daban tun ranar farko.