Mai lalle a Damagaram: wane hashtag zan sa a bidiyona?

"Malam, barka da aiki. Ina yi wa amare lalle a Birni, ina kuma ɗora gajerun bidiyo a TikTok. Ƙanwata ta ce in riƙa sa #fyp da #viral. Wani bidiyon ya samu kallo sosai, amma ba wadda ta kira ni daga cikin gari. Manyan hashtag zan bi, ko ƙanana?" Wata mai lalle, Damagaram.

Malama, barka kadai. Hashtag alama ce da ke gaya wa manhaja abin da ke cikin bidiyo, don ta san wa za ta nuna wa. TikTok da kanta ta bayyana a 2020 cewa tana duba rubutun ƙasan bidiyo da sauti da hashtag, da kuma abin da masu kallo suka yi, inda kallo har ƙarshe ke da nauyi sosai a wurinta. To #fyp, #pourtoi da #viral ba su faɗi komai a kan aikinki ba. Mai barkwanci na sa su, mai ƙwallo ma haka. Ki ajiye su.

Kafin ki zaɓi kowane, ki taɓa shi ki ga yawan bidiyon da ke ƙarƙashinsa. A nawa ma'aunin, mai miliyoyi babba ne, mai dubu goma zuwa 'yan dubban ɗaruruwa matsakaici ne, wanda bai kai haka ba ƙarami. Kada ki tsaya kan adadin kaɗai. Ki kalli bidiyo goma na sama, ki tambayi kanki: masu kallon waɗannan za su iya zuwa ƙofar gidana?

Nan ne babban hashtag ke yaudara. Ki buɗe #henna ko #mehndi, za ki tarar da zanen Indiya da Pakistan da ƙasashen Larabawa ya cika wurin, sabbi kuma na shigowa ba ƙaƙƙautawa. Ko sun so aikinki, yabo kawai za su bar miki. Shi lalle ba kaya ba ne da za a ba direban mota ya kai, sai hannu ya zo gabanki. Babba guda ɗaya ya isa, shi ma wanda ya faɗi sana'ar.

Matsakaitan su ne ƙarfinki, irin su #lalle da #kunshi, domin mai bin su ta san baƙin lalle da ja, ta san ranar ƙunshin amarya. Sai dai a yi hattara, yawancin masu jin Hausa a intanet 'yan Nijeriya ne, don haka #hausa ko #arewa na iya kai ki Kano da Kaduna ki yi ta tara kallo, alhali amaryar unguwar Zango a Damagaram ba ta gan ki ba. Rubutu ma na raba hanya. #hausa da #haoussa wurare biyu ne daban, kuma na biyun ya fi kusa da waɗanda suka yi lakwal da Faransanci. Haka #ƙunshi da #kunshi. Mutane da yawa ba su da harafi mai lanƙwasa a wayarsu, don haka ki bi abin da suke bugawa.

Ƙaramin kuwa sunan gari ne: #zinder da #damagaram, ki sa duka biyun tunda kowanne da masu nemansa. Kallon da zai kawo kaɗan ne, amma na 'yan gari ne da na Mirya da Matamaye masu shigowa biki. Wanda kika ƙirƙira da sunanki ba ya jawo baƙo, amfaninsa tara ayyukanki wuri guda.

A ce bidiyon ƙafar amarya ne na daƙiƙa ashirin. Ga abin da zan sa:

```
#henna #lalle #kunshi #zinder #damagaram
```

A rubutun ƙasa ki ce "Lallen amarya a Birni, Damagaram", ki kuma faɗe shi da baki a farkon bidiyon, domin masu bincike kalmomi suke bugawa. Ki fara da ƙafar da aka gama, zanen ya fito sarai, kafin ki nuna kwaɓin.

Ki riƙe wannan jerin a bidiyo biyar ko shida, sannan ki buɗe alƙaluman asusunki ki duba inda masu kallo suke da hanyar da suka zo. In ƙasashen waje sun rinjayi Nijar da nisa, ki cire #henna, ki bar sunan gari ya fito a rubuce a kan bidiyon. In kuwa kin ga ana wucewa tun daƙiƙun farko, gyaran na buɗewar bidiyon ne, canza hashtag ba zai taɓa shi ba.