Gwajin osmosis da dankalin turawa

Osmosis shi ne ratsawar ruwa ta fatar ƙwayoyin halitta, daga inda sukari yake kaɗan zuwa inda ya fi yawa.

"Na yi gwajin, amma babu ruwan sukarin da dankali ya fita da nauyinsa na farko. Yaya zan gane ma'aunin da ya yi daidai?"

Ba kasafai yake faɗowa kan ruwan da ka haɗa ba, a jikin giraf ake karanta shi.

Haɗa ruwan sukari kashi shida, masu kaurin sukari daga 0.0 zuwa 1.0 mol/dm³, da tazarar 0.2. Huda dankali guda ɗaya da mahuji ɗaya, ka cire ɓawo, kowane yanki santimita 3, uku a kowane ruwa. Auna nauyin kowane yanki kafin ka saka shi cikin ruwan, da kuma bayan ka cire shi. Yawan ruwa, zafi da lokaci su zama ɗaya, kamar awa guda.

Wurin tsanewa ake yawan ɓata aiki. Mirgina yankin a hankali kan takarda mai shan ruwa kafin awo, kada ka matse. Ruwan da ya maƙale a jiki nauyin ƙarya yake ƙarawa.

Sai ka lissafa canjin cikin ɗari: yanki mai giram 2.00 da ya koma 2.10 ya ƙaru da 5%. Zana giraf na wannan canjin a kan kaurin sukarin. A ce 0.2 ya ba ka +5%, 0.4 kuma −5%, to layin zai ratsa sifili wajen 0.3. Nan ne ruwan da ke shiga ya yi daidai da mai fita.