Waifai na nauyi da dare a gidan bene: wace tasha za a zaɓa?

Tambaya: Ina haya a gidan bene mai fulat goma sha biyu. Da rana waifai ɗina lafiya lau, amma bayan isha'i sai ya riƙa tsinkewa, ga sigina a cike. An ce in canza tasha. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Malam, a zangon 2.4 GHz tashoshi 13 ne, tazarar kowace da ta kusa da ita 5 MHz, alhali rauta na cin faɗin 20 MHz. Saboda haka tashoshin suna hawa kan juna. Uku ne ake amfani da su don ba sa taɓa juna: 1, 6 da 11. Cikinsu za ka zaɓa.

Kada ka ga tasha 3 ko 8 babu kowa ka gudu can. Rautoci biyu da ke tasha ɗaya suna jin juna, kowace tana jira ɗayar ta gama kafin ta aika. Wanda ya zauna a 3 kuwa yana kwasar hayaniyar masu 1 da ta masu 6 gaba ɗaya, babu mai jiran wani, saƙo ya lalace a yi ta sake turawa.

Ka auna da dare, lokacin da kowa ya dawo gida, kuma a ɗakin da kake zama. A wayar Android akwai manhajar WiFi Analyzer. A Windows kuma ka rubuta:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

Ƙarfin siginar maƙwabta ya fi yawansu muhimmanci. Manhajar wayar na nuna shi da dBm: -50 mai ƙarfi ne ƙwarai, -85 kuwa da kyar ake jinsa. A ce ka tarar da mutum biyu a tasha 6 masu -48 da -52, uku a tasha 1 wajen -60, biyar a tasha 11 duk tsakanin -82 da -88. Ɗauki 11. Biyar ɗin nan suna can nesa, bayan bangaye da rufin kankare, su kuwa biyun da ke 6 bango ɗaya ya raba ku.

Adireshin shiga rautar yana manne a bayanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A shafin Wireless ka cire Channel daga Auto ka sa 11, sannan ka mayar da Channel Width 20 MHz. Nan mutane ke mantuwa, su bar shi a 40 MHz, ya cinye kusan rabin zangon.

Idan rautarka da wayarka suna da 5 GHz, koma can, tasha 36 zuwa 48. Ba ya ratsa bango sosai, wanda a gidan haya alheri ne, don na maƙwabta ma ba ya iso ka da ƙarfi. Sai dai ƙuryar ɗaki za ta iya rasa sigina.

Idan ka canza abin bai gyaru ba, jona kwamfuta da kebul kai tsaye a jikin rautar da daren. In nauyin yana nan, cunkoson daga layin kamfanin intanet ne, tasha ba ta da laifi.