Muryar Anti Likita: 'yar mai himofiliya ma jininta kan ƙi tsayawa

Tambaya: "Anti Likita, babanmu yana da himofiliya. An ce ciwon maza ne, amma ni al'adata sai ta kai kwana 10, kuma da aka cire min haƙori jini ya ƙi tsayawa. Akwai alaƙa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. E, da alama akwai, kuma wanda ya ce miki mace ba ruwanta bai gaya miki daidai ba.

Kin ga, a jini akwai sinadaran da ke sa shi daskarewa in an ji rauni. Mai himofiliya ɗaya ne ya yi masa ƙaranci, ko fakta 8 ko fakta 9. Umarnin ƙera su yana kan ƙwayar gado da ake kira X. Namiji X ɗaya gare shi, sai Y. Mace biyu gare ta. Babanku X ɗinsa guda ne kuma shi ke da matsalar, shi ya ba kowace 'yarsa. Kenan ke da duk 'yan uwanki mata kuna ɗauke da shi, ba ko shakka. Yayyenki da ƙannenki maza kuwa Y suka karɓa daga wurinsa, ba su gada ta wajensa ba.

To me ya sa lafiyayyen X na wajen Mama bai rufa miki asiri ba? Tun kina ciki, kowace ƙwayar halitta ta jikinki takan kashe X ɗaya ta yi aiki da ɗayan, kuma ba zaɓe take yi ba. Wata macen rabi da rabi ne, sai ta zauna lafiya. Wata kuwa lafiyayyen ne aka fi kashewa, sai faktarta ta faɗi. Daidai shi ne kashi 50 zuwa 150 cikin 100. In taki ta gaza 40, ke ma mai himofiliya ce a wurin likita. Shi ya sa za ki ga 'yan uba ɗaya, wannan lafiya lau, waccan kullum cikin ƙarancin jini.

Ki je wurin likitan jini a asibitin koyarwa, ki faɗi nau'in na Baba, a auna faktar kanta. Gwajin daskarewar jini na gama-gari yakan fito daidai alhali da matsala. Al'adar kuma akwai maganinta, irin su taranekzamik asid, amma likita ya rubuta. Asfirin, ibufurofen da diklofenak, don Allah ki bar su, ƙara zubar suke.

In ciki ya zo, ki faɗa tun awon farko. Fakta 8 takan hau lokacin goyon ciki, sai ta sauko bayan haihuwa, jini ya ɓalle ana tsaka da jego. Fakta 9 ita ko hawan ba ta cika yi ba. A asibitin da ke da ajiyar jini za ki haihu.

Kowane ɗa namiji da kika haifa, yiwuwar ya gada rabi ce, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Kada wanzami ya taɓa shi, ba cire beli, ba kaciya, sai an auna jininsa tukuna.