Saƙon barka da zuwa ga sabuwar ma'aikaciya

Tambaya: Mu biyar ne a biron ƙungiyar masu sayar da albasa a Tawa. Mun ɗauki mai kula da lissafi, za ta fara ranar Litinin, kuma ta girme ni. Me zan rubuta mata a WhatsApp wanda zai nuna sakin fuska ba tare da ya zama wasa ba?

Amsa: Malam, wanda zai fara aiki a sabon wuri yakan kwana da tambayoyi uku a ransa: yaushe zan zo, wa zan tarar, me zan riƙo? In saƙonka ya amsa su, rabin tarbar ta yi. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum Malama, da fatan kuna lafiya, ya iyali? A madadin abokan aiki ina yi muku barka da zuwa cikinmu. Muna jiranku ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe. Magatakardanmu zai tarbe ku a ƙofa, ya nuna muku teburinku da littattafan lissafi. Ku taho da katin shaida, da lambar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, in kuna da ita. Satin farko na sabawa ne, duk abin da ya shige muku duhu ku kira ni a wannan lamba. Allah ya sa mu yi aiki tare lafiya."

Ka lura da "ku" na yi amfani. Tunda ta girme ka, "ki" a saƙon farko na iya zama kamar raini, ko da kai ne shugaba. Kada kuma ka kira ta Hajiya sai in ka ji haka ake kiranta. Malama ko Madam ya wadatar. Ita da kanta za ta nuna maka sunan da ta fi so bayan ƴan kwanaki.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne haɗa maraba da gargaɗi. Wani zai rubuta "barka da zuwa", layi na biyu ya ce ba a yarda da latti ba, ba a yarda da kuskure a kuɗi ba. Mai riƙe lissafi in ta karanta haka, za ta ɗauka tun ba ta zo ba an fara zarginta. Dokokin aiki da zancen albashi na takardar kwantiragi ne da zaman ido da ido.

Ka tura mata ita kaɗai, kamar ranar Juma'a, don ta sami damar shiri. Sai ta iso sannan ka sa ta a zauren WhatsApp na biro, da layi biyu: sunanta, aikinta, da roƙon a ba ta haɗin kai. In cikin mutanenka akwai wanda karatu ke ba wuya, kamar direba ko mai gadi, ka maimaita da saƙon murya.