Mai tayil ya ce dunƙule biyar ya isa

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina so a sa mini tayil mai 30 da 60 a bangon banɗaki, na riga na sayi gam da sifesa, wato 'yan robobin da ake sawa tsakanin tayil don su bar rata. Mai aikin ya ce daga ƙasa zai fara, kuma dunƙulen gam biyar a bayan kowane tayil ya isa, sifesa kuwa ɓata kyau take yi. A gidan ƙanwata tayil ya ɓalle ya yanke yaro a ƙafa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. In bar shi ya fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kada ki bari ya buɗe ko buhu ɗaya sai kun daidaita. Duk ukun da ya faɗa babu daidai a ciki, amma maganar dunƙule ce mai zubar da jini, a kanta zan fi tsayawa.

Bari in fara da layi. Daɓen banɗaki ba lebur ba ne, da gangan ake karkata shi zuwa wajen magudana don ruwa ya wuce. Duk wanda ya ɗora jeren farko a kan daɓe, karkatar nan zai ɗauka ya hau da ita har silin, in ya zagayo kusurwa ta huɗu layukan ba za su haɗu ba. Abin da ake yi shi ne a cika siririn tiyo mai gani-har-hanji da ruwa, a fitar da kumfar iska tsaf, a yi alama a bango wajen mita 1 daga ƙasa, a zagaye kowace kusurwa da ita, domin ruwan da ke bakunan tiyon biyu a tsayi ɗaya yake tsayawa. Daga wannan alamar ake auna komai. In lebur na hannu zai yi amfani da shi, ya aza a bango ya ja layi, ya juya shi kai ya koma wutsiya ya sake dubawa. In kumfar ta sauya wuri, lebur ɗin ya lalace.

Ga misali. A ce daga wurin da ya fi ƙasa a daɓen, bayan an lissafa kaurin tayil ɗin ƙasa, zuwa silin santimita 275 ne, kuma bakin ƙofa ya fi wajen magudana tudu da santimita 2. In a kwance aka sa tayil ɗin, kowane jere da sifesa mai milimita 2 yana cin santimita 30.2. In aka ja layin farawa a santimita 29, jere 8 za su hau, a bar wani siririn yanki na kusan santimita 4 da rabi a ƙarƙashin silin, mai wuyar yanka, mai munin gani. In aka sauko da layin zuwa santimita 17, yankin sama ya zama kusan 16, na ƙasa 17 a wajen magudana, 15 a bakin ƙofa. Kin ga sama da ƙasa sun yi kusan daidai. A ƙasan layin nan ake kafa miƙaƙƙen katako da ƙusa, jeren farko ya zauna a kansa. Washegari, bayan gam ya kama, a cire katakon, a auna kowane tayil na jeren ƙasa ɗaya bayan ɗaya a yanka. Ya auna tayil ɗin da tef tukuna, domin abin da aka rubuta a kwali da abin da ke ciki sukan bambanta da milimita ɗaya ko biyu.

Yanzu ga maganar dunƙule. Kusan kullum ina ganinta, a Kano, a Kaduna, a gidan talaka da gidan mai kuɗi, kuma duk wanda na tambaya amsarsa ɗaya ce: haka ogansa ya koya masa, bai taɓa jin ya faɗo ba. To ina zai ji? An biya shi ya tafi, tayil ɗin sai bayan shekara ɗaya ko biyu zai ɓalle, lokacin lambar wayarsa ma ta sauya.

Gam na tayil ba kwaɓin siminti da yashi ba ne. An yi shi ne don ya yi aiki siriri, kamar milimita 3 zuwa 6 bayan an danna tayil, ya shimfiɗu a duk bayansa. In aka tara shi dunƙule mai kaurin santimita 2, yana bushewa yana motsewa, ya ja tayil ɗin ta wuri biyar kawai, wani lokaci har kwalliyar fuskar ta tsage. Kuma dunƙule biyar, ko da an danna su sun baje, da ƙyar su rufe rabin bayan tayil. A bangon da ruwa ke duka kullum, abin da ake nema shi ne gam ya rufe kusan duka, kashi 95 cikin 100. Ragowar da aka bari fanko ne. Ruwan wanka yana ratsa layin farin simintin da ake cike tsakanin tayil da shi, domin farin siminti ba ya hana ruwa, ya shiga wannan fanko ya kwanta. Daga nan layukan su fara baƙi, ɗakin ya riƙa warin danshi, fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara ɓarewa, kyankyasai su samu gida. Ranar da aka zo huda bango don a kafa madubi ko abin rataye tawul, tayil ɗin ya fashe saboda babu abin da ya tokare shi ta baya. Tayil mai 30 da 60 ya kai kilo 3, in ya ɓallo daga tsayin mita 2 ya fashe, bakinsa kaifi ne sosai, kuma a banɗaki mutum ba takalmi, yara a tsugune.

Kin san abin da ya sa suke son dunƙule? Sauri na ciki, domin kuɗin aikin da mita ake lissafawa. Amma babban dalilin shi ne bangon a karkace yake. Mai filasta ya yi aikinsa tudu da kwari ya karɓi kuɗinsa, mai tayil ya zo ba ya son rigima, sai ya ƙara dunƙule inda ya yi kwari, ya rage inda ya yi tudu, fuska ta fito sumul, mai gida ya yi ta sa albarka. Ya rufe aikin banza da wani aikin banzan. Gam ba ya gyara bango. A aza miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 a bangon, a tsaye da a kwance. In ratar da ke tsakani ta wuce milimita 3, a sassabe tudun, a cike kwarin da filasta, a bar shi ya bushe. Sabuwar filasta tana son aƙalla mako biyu kafin a ɗora mata tayil. In bangon da fenti ko yana zubar da gari in an shafa shi, a kankare har a kai ga mai ƙarfi.

Wasu kuma za su ce miki ai dunƙule yana barin bango ya sha iska. Wace iska? Wasu su zuba siminti da yashi a cikin gam ɗin wai ya ƙara auki, wasu su jiƙa tayil a baho kamar yadda ake yi in da kwaɓin siminti za a manna. Jiƙawa ta tsohuwar hanya ce, kuma tana da dalilinta a can. Da gam, tayil a bushe ake sa shi, a goge ƙurar bayansa kawai. In tayil ɗinki fosilin ne, wanda kusan ba ya shan ruwa sam, ki duba buhun gam ɗin ki ga an rubuta C2, wato wanda ya fi ƙarfin kamu. Mai C1 na tayil ɗin bango na yau da kullum ne, wanda bayansa ke tsotse ruwa in an ɗiga masa.

Yadda ake yi ba wani abin wahala ba ne. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, gwargwadon da aka rubuta a buhu, sannan gari, a dama har gudaji su ƙare, a bar shi kamar minti 5, a sake damawa. A shafa a bango da gefen cokalin gini mai santsi, sannan a taje da gefe mai haƙora, milimita 8 ko 10 ga irin naki, layukan su miƙe ta fuska ɗaya, ba zagaye-zagaye ba, don iska ta samu hanyar fita. A shafa siririn gam a bayan tayil ɗin ma. A aza, a danna, a ɗan goga shi ta ketare layukan don su kwanta. Kada ya shafa fiye da wurin tayil uku ko huɗu a lokaci guda. Yawancin gam yana ba da kamar minti 20 a bango, amma da zafin bazara ko iskar hunturu bai kai haka ba. In ya taɓa da yatsa bai manne ba, ya yi fata, sai a kankare a sa sabo. Wanda ya fara daskarewa a bokiti kuwa zubarwa ake yi, ba a ƙara masa ruwa.

Ba sai kin iya aikin ba kafin ki kama shi. Bayan ya sa uku ko huɗu, ki ce ya ɓalle ɗaya ki ga bayansa. Ya kamata ki ga gam daga baki zuwa baki, har kusurwoyi, babu layin haƙora a tsaye. Bayan ya bushe, ki ƙwanƙwasa da mabuɗi: mai cika yana ba da ƙara mai nauyi, fanko kuwa yana amsawa kamar an bugi ƙwarya. Ki lura da buhuna ma. Buhu mai kilo 20 yakan yi murabba'in mita 4 zuwa 5 da irin wannan cokali. In buhu ɗaya ya rufe ninkin haka, ba a sa isasshe ba.

Sifesa kuma ba ado ba ce. Tayil na kwali ɗaya ma ba su cika zama daidai da juna ba, ratar milimita 2 ce ke shanye bambancin, kuma ita ce ke ba su wurin motsi in bango ya ɗauki zafi ya huce. In aka haɗe su baki da baki, suna tunkuɗar juna, gefe ya ɓantare, farin siminti kuma bai samu wurin shiga ba, sai ya zauna a sama ya zube. A soka sifesar ta tsaye, biyu a kowane gefe, yadda za a iya zare ta. Bayan awa 24 a cire su, a share gam ɗin da ya cike layi, sannan a cika. Kusurwar da bango biyu suka haɗu, da inda bango ya haɗu da daɓe, a bar 'yar rata a sa silikon maimakon farin siminti, domin nan ne tsagewa ke farawa.

Ki gaya masa waɗannan kafin ku yanke kuɗin aiki, kuma ki yarda zai ɗan ƙara, domin aikin ya fi cin lokaci. In ya ce ba shi da cokali mai haƙora, masu sayar da kayan tayil suna da shi, ki saya masa. In ya ce shi shekara ashirin yana yi da dunƙule, ki biya shi kuɗin mota ki nemi wani. Ƙanwarki kuma ta sa a ƙwanƙwasa sauran bangon nata yau, duk wanda ya amsa fanko a sama da tsayin yara a cire shi kafin a ci gaba da wanka a ɗakin.